Buhu nawa zan sayar kafin injin shinkafata ya fara ciyar da kansa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan injin casar shinkafa a Jega, shekara ɗaya da rabi ke nan. Nakan sayi shanshera, a turara, a cashe, in sayar a buhu mai kilo 50. A lissafina kowane buhu yana bar mini naira 7,000, kuma a wata ina fitar da buhu 90 zuwa 100. Amma wata na ƙarewa sai in ga ba komai a hannu, bashin kawuna ma da ƙyar nake biya. Ga takardar kuɗin da nake kashewa na haɗo. Buhu nawa ya kamata in sayar kafin in ce na fara cin riba, ko kuwa yarana ne ke cutata?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da wanke yaranka, domin takardar da ka aiko ta isa ta bayyana inda kuɗinka ke tafiya ba tare da an nemo ɓarawo ba. Ban ce ba a sata a injin casa ba, ana yi, amma kafin ka ɓata da mutanen da kuke cin tuwo tare, zauna mu yi lissafin tukuna.

Naira 7,000 ɗin nan da kake kira riba, ba riba ba ce. Rara ce da buhu ɗaya ya bari bayan ya biya kuɗin kansa kawai, wato shanshera da itace da man inji da sauran abin da aka kashe dominsa. Bai biya haya ba, bai biya mai gadi ba, bai ajiye komai ba don ranar da injin zai tsufa. Ni ina kiran wannan kuɗi gudummawar buhu, saboda kamar gudummawar biki take: kowane buhu yana jefa nasa cikin ƙwarya ɗaya, kuma sai ƙwaryar ta cika an biya dukan kuɗin wata, sannan abin da ya zubo daga baki ya zama naka. Adadin buhunan da ke cika ƙwaryar daidai, ba ragi ba ƙari, shi ne matakin ba riba ba faɗuwa, kuma shi kake tambaya. Kafin a same shi dole a raba duk abin da ke fita daga aljihunka gida biyu, kuma a wurin rabon nan ne yawancin 'yan kasuwar da na riƙe wa littafi suke yin tuntuɓe.

Kuɗin da ke bin buhu

Hanyar ganewa ɗaya ce. Ka tambayi kanka, in gobe na rufe injin ban cashe ko tiya ɗaya ba, wannan kuɗin zai fita? In ba zai fita ba, to mai bin buhu ne. In zai fita ko da an yi kulle, tsayayye ne.

A takardarka ka rubuta cewa kana sayen shanshera a kan naira 500 kilo, kuma kilo 80 ne ke ba ka buhu ɗaya na tsaba, wato naira 40,000. Turarawa da shanya, da itace da ruwa da ladan matan da ke aikin, 3,000. Man dizal 1,800, buhu da zare 700, mota da dako daga kasuwa 1,500, sai 'yan aikin da kake biya a kan kowane buhu 1,000. Jimla 48,000. Kana sayarwa 55,000, shi ya ba ka 7,000 ɗinka. Har nan lissafinka daidai ne.

Amma can ƙasan takardar, ƙarƙashin abin da ka kira "sauran tarkace", na ga abubuwa biyu da ba tarkace ba ne. Na farko la'adar dillalin da ke kawo maka masu saye, naira 500 a buhu. Ba ciniki, ba la'ada, don haka tana bin buhu. Na biyu robar inji da rariya da bel. Waɗannan mutane kan ɗauke su gyara ne na lokaci-lokaci, alhali aiki ne ke cin su, ba kwanaki ba. Robar da ke ɓare ɓawo ba ta san wata ya kama ba, yawan shansherar da ta ratsa ta kawai ta sani. Da na raba abin da ka kashe a kansu cikin wata shida da yawan buhunan da ka fitar, sai ya kama kusan 500 a buhu. To ka ga kuɗin buhu ya koma 49,000, gudummawarsa kuma 6,000 ce, ba 7,000 ba. Naira dubu ɗaya a kan buhun dubu hamsin da biyar kamar ba komai ba ce, amma kashi ɗaya ce cikin bakwai na abin da kake taƙama da shi.

Dusa da tsakin shinkafa da ka ce kana sayarwa jefi-jefi ban sa su ba. Da a ce akwai mai kiwon kaji ko mai turke da ke ɗauka kowane mako a kan sanannen farashi, da sai a cire kuɗin daga 49,000 ɗin. Abin da ke zuwa yau ya ɓace gobe kuwa, gara a bar shi a matsayin alheri in ya zo.

Kuɗin da ba ruwansu da buhu

Hayar wurin naira 600,000 ce a shekara. Ka biya ta gaba ɗaya a watan Janairu, shi ya sa sauran watanni sha ɗaya kake ji kamar kyauta kake zaune. A lissafi kowane wata yana ɗauke da 50,000. Albashin mai tuƙa injin da mai gadi da yaron da ke riƙe littafi 160,000 ne. Wutar lantarki da katin waya 30,000, kuɗin ƙaramar hukuma da sauran takardu in an raba su wata-wata 10,000, sabis ɗin inji da juyen baƙin mai 30,000. Wannan ya kai 280,000, kuma duk suna cikin takardarka, sai dai a warwatse.

Akwai biyu da ba ka rubuta ba sam, kuma su ne manya. Na farko tsufan inji. Ka ce injin casa da na tsince tsakuwa da janareto sun ci naira miliyan 6. In muka ɗauka za su yi maka shekara biyar kafin su zama sai dai a sayar wa 'yan gwangwan, to wata sittin ke nan, kowane wata kana cinye 100,000 daga jikin ƙarfen. Ba mai zuwa da rasit ya karɓi wannan kuɗi, shi ya sa ake mantawa da shi, har ranar da injin zai tsaya cik a tsakiyar kaka a rasa na sabo. Kuma ka lura wannan a kan farashin da ka saya ne. Kowa ya ga yadda kayan da ake shigowa da su suka tashi tun bayan da darajar naira ta faɗi a 2023, don haka 100,000 ɗin ma mafi ƙaranci ne.

Na biyu kai kanka. Ka ce kana ɗibar kusan 160,000 a wata don cefane da kuɗin makarantar yara. Wasu malaman lissafi za su ce wannan ba kashe kuɗin sana'a ba ne, cire jari ne, kuma a littafin akanta haka yake. Amma ni a irin wannan lissafin ina sa shi, domin da ba ka nan da sai an ɗauki wani ya tafi kasuwa ya auno shanshera, ya tsaya kan aiki daga safe zuwa magariba, kuma ba kyauta zai yi ba. Sana'ar da ke tsaye don kawai mai ita yana aikin banza ba ta kai matakin ba riba ba faɗuwa ba tukuna. Jimlar tsayayyun kuɗinka ta zama naira 540,000 a wata.

Ga amsar, da dalilin da hannunka ke bushewa

Ka raba tsayayyun kuɗi da gudummawar buhu ɗaya: 540,000 ÷ 6,000 = 90. Buhu casa'in. In kana son ganinsa a kuɗin ciniki, buhu 90 a kan 55,000 naira 4,950,000 ke nan. Wato sai kusan miliyan biyar sun ratsa hannunka a wata kafin sisi ya zama riba, saboda a kowace naira 100 da mai saye ya miƙo, naira 11 kacal ke saura don biyan tsayayyun kuɗi, sauran 89 shinkafar da kanta ta cinye. In kana amfani da manhajar lissafi a waya, ka sa tsayayyun kuɗi a B1, farashin sayarwa a B2, kuɗin da ke bin buhu a B3, sai ka rubuta wannan, zai riƙa cika maka ragowar zuwa cikakken buhu tunda ba a sayar da sulusin buhu:

```
=ROUNDUP(B1/(B2-B3),0)
```

To kai kuma 90 zuwa 100 kake sayarwa. A watan da ka fitar da 95, buhu biyar ne kawai suka yi maka aiki, ribarka ta gaskiya 30,000. Kai kuma a zuciyarka kana riƙe da 95 sau 7,000, wato 665,000. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce ɓarawon da kake nema. Kuma buhu biyar cikin 95 kusan kashi 5 ne kawai cikin ɗari, ma'ana janareto ya kwana biyu a wurin makaniki, ko mai saye ɗaya ya saɓa alkawari, watan ya koma faɗuwa.

Maganar bashin kawunka kuwa lissafi ne na dabam, kuma yana da kyau ka san bambancin. Naira 120,000 da kake mayar masa duk wata ba asara ba ce, uwar kuɗi ce kake biya, tunda ba ruwa ya ɗora maka ba, don haka ba ta shiga lissafin riba. Amma tsabar kuɗi ce ke fita. Tsufan inji kuma akasin haka ne, asara ce amma ba tsabar da ke fita. In tambayar ita ce buhu nawa zai sa aljihu kada ya ragu, sai a cire 100,000 na tsufa a sa 120,000 na bashi, a sami 560,000, a raba da 6,000, ya ba ka buhu 94. Ka ga dai a watan buhu 95, in ka ware 50,000 ɗin hayar watan, abin da zai rage a hannunka naira 10,000 ne. In kuwa akwai mai shagon da ya ɗauki buhu uku ya ce sai ya sayar, to naira 165,000 na waje, kai kuma kana tsaye gaban Kawu kana sosa ƙeya. Lissafin ba riba ba faɗuwa yana ɗauka duk abin da aka sayar an biya, kasuwa kuwa ba haka take ba.

Inda wuyar take: bakin sikeli

Nan nake so ka fi tsayawa, domin a sana'ar da gudummawarta siririya ce irin taka, ba haya ko albashi ke kashe mutum ba. Ka yi ƙorafi cewa mai wurin yana so ya ƙara haya da kashi 20 cikin ɗari. Wannan 10,000 ce a wata, za ta ɗaga matakinka daga buhu 90 zuwa 92. Yanzu gwada da wannan: shanshera ta tashi da naira 25 kacal a kilo, kashi 5 cikin ɗari, abin da kan faru tsakanin wannan kasuwa da mai zuwa. Kilo 80 sun ƙara 2,000, gudummawa ta sauko 4,000, matakinka ya yi tsalle zuwa buhu 135. Ƙarin haya ya nemi buhu biyu, ƙarin shanshera ya nemi arba'in da biyar.

Kuma farashin shanshera ba a hannunka yake ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Banki a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ga manyan kamfanonin casa irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, ga masu saye da ke zuwa da manyan motoci daga Kano, shansherar Suru da Augie da Bunza ba ta rasa mai so. Ba kai ke yanka mata farashi ba, haka nan ba kai ke yanka na tsaba ba. Abin da ke hannunka shi ne kilo nawa na tsaba kake fitarwa daga abin da ka saya, kuma a nan ne na ga lambar da ban yarda da ita ba a takardarka.

Ka ce kilo 80 na ba ka 50, wato kashi 62.5 cikin ɗari. Lamba ce mai yiwuwa. Ɓuntu kaɗai yana ɗauke kusan kashi 20 na nauyin shanshera, dusa ta ɗauki kusan 8 zuwa 10, saura wajen 70 ko a inji mai kyau da shanshera mai tsabta, ƙananan injuna kuma ba su cika kai wa nan ba. Amma yadda lambar taka ta zo cif, buhun shanshera ɗaya na ba da buhun tsaba ɗaya, ya sa nake zaton gado ka yi daga bakin mutane, ba aunawa ka yi ba. In abin da kake samu a zahiri kashi 60 ne, to buhun tsaba yana cin kilo 83 da ɗoriya, kuɗin shanshera ya koma wajen 41,670, gudummawa ta dawo wajen 4,330, matakinka kuma buhu 125. Bambancin biyu da rabi cikin ɗari, wanda ido ba ya gani, ya mayar da mai sayar da buhu 95 mutumin da ke cin jarinsa da sama da naira 120,000 duk wata yana zaton yana tsaye.

Na taɓa ganin wannan da idona a wani ƙaramin inji da ke wajen Kamba da na riƙe wa littafi. Mai wurin ya kori yara biyu a kan zargin suna ɗibar shinkafa da dare, amma giɓin bai toshe ba. Sai muka ari sikeli muka tsaya bakin mota ranar da aka sauke kaya. Na tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, na ji ciki da ɗumi kamar an fito da shi daga ɗaki, na ciji ƙwaya ɗaya, maimakon ta ce ƙas sai ta lotse a haƙori. Ɗanya ce, an yi saurin durawa. Muka zazzage wani buhun a kan tamfol, abin da ya biyo baya daga gindinsa yashi ne da ƙaiƙayi, muka tara ya cika kwano biyu. Dattijuwar da ke shugabantar masu turarawa tana tsaye tana kallonmu, ta ce, "Alhaji, ai tun bara nake gaya maka ruwa kake saye." Gaskiyarta kuwa. Shansherar da ta dace da casa da ajiya danshinta wajen kashi 14 ne cikin ɗari. In ka sayi mai danshi kashi 20, kilo 100 za su koma 93 bayan ta bushe. Kilo bakwai ka biya kuɗinsu rana ta sha, tun ba a zo maganar yashi ba. Yaran nan biyu dai an je an ba su haƙuri, ɗaya ya dawo, ɗayan ya ce ya yafe aikin.

Akwai kuma asarar da ke zuwa daga wajen shanya. Shinkafar da aka turara aka bar ta ta ƙone a ranar tsaka ta watan Afrilu a kan siminti, ba juyawa ba inuwa, tana tsattsagewa ta ciki, in ta shiga inji sai ta fito tsaki. Nauyin bai ɓace ba, amma ya sauka daga farashin tsaba zuwa farashin tsaki, kuma a lissafinmu duk ɗaya ne da asara. Alamarta ita ce buhunan tsaki su yawaita alhali ba a canja roba ko saitin inji ba.

Ragi, da casa wa mutane

Na san abin da zai fara zo maka shi ne ka rage farashi don kaya su gudu. Yi lissafin kafin ka yi alkawari. Ragin 1,000 a buhu bai kai kashi 2 cikin ɗari na farashi ba, mai saye ma da ƙyar zai gode, amma ya cinye kashi ɗaya cikin shida na gudummawarka. Matakinka zai koma buhu 108, kuma kafin ka sami abin da buhu 95 ke ba ka yanzu, wato 570,000, sai ka sayar da 114. In ragin zai kawo ƙarin buhu ashirin tabbas, a rubuce, kuɗi hannu, sai a duba. In don a ce kana da sauƙin kai ne, bar shi. Haka lissafin yake ta ɗaya gefen: in tsince tsakuwa da kyau da buhu mai tsabta za su sa a ƙara maka 1,000, matakin zai sauko zuwa 78.

Abin da na fi karkata gare shi a halinka shi ne casa wa mutane a biya ka lada. Buhu ɗari a wata bai kai buhu huɗu a yini ba, wato injinka ya fi zama a kashe, alhali haya da albashi da tsufa suna tafiya. Mu ƙaddara ladan casa 4,000 ne a kan buhun tsaba, mai da roba da ɗan aiki su ci 2,500, saura 1,500. Ƙarami ne, sai huɗu sun taru suke yin buhu ɗaya naka. Amma ba ka sa ko sisi a shanshera ba, kuma in ɗanya ce ko mai yashi, asarar mai kaya ce. In matan da ke sana'ar turarawa a unguwa suka kawo abin da ya kai buhu 100 a wata, 150,000 ke nan sun shiga ƙwarya, saura 390,000, naka buhunan da ake buƙata sun sauko zuwa 65. In kuma riba kake so ka tsara, ka ɗora ta a kan tsayayyun kuɗi kamar wata haya ce: ribar 300,000 a wata ba tare da casa wa kowa ba tana buƙatar 840,000 ÷ 6,000, buhu 140. Sai dai buhu 140 na cin naira miliyan 6.86 kafin su dawo, don haka ka duba sau nawa jarinka ke juyawa a wata kafin ka sa wa ranka wannan adadi.

Inda lissafin ke da iyaka

Duk abin da muka yi a kan wata ɗaya ne, shinkafa kuma da shekara take tafiya. Ko da yake muna da ta damina da ta rani, akwai watannin da shanshera ke tsada ko sama ta hana shanya, inji ya kusa tsayawa, kuma shekara irin 2020 da ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi tana iya tsawaita wannan zama. Mai gadi da mai haya ba su san da wannan ba. Tsayayyun kuɗinka a shekara naira 6,480,000 ne, wato buhu 1,080. In wata tara kake aiki sosai, to kowane watan aiki 120 yake nema, ba 90 ba. Wanda ya sayar da 100 a watan kaka ya yi murna, bashin watan Agusta yake ci bai sani ba.

Sannan tsayayyen kuɗi a tsaye yake zuwa wani gaci kawai. Ranar da aiki ya ƙaru har ka buƙaci mai tuƙa inji na biyu ko ƙarin sito, zai hau mataki ɗaya gaba ɗaya, sai a sake rabawa. Ita ma gudummawar 6,000 ta farashin makon da ka rubuta takardar ce. Ni nakan ce wa waɗanda nake riƙe wa littafi su sake lissafin duk lokacin da suka auno sabuwar shanshera, da farashin da za su sayi wata yau, ba wanda suka sayi ta sito ba, domin da kuɗin buhun da ka sayar yau za ka koma kasuwa gobe.

Kafin ka je wa mai haya ko ka kira yaranka, samo sikelin da ka yarda da shi ka auna kaya uku a jere, kowanne daga wurin mai sayarwa dabam. Ka rubuta nauyin shanshera ranar da aka sauke ta, da nauyinta bayan an turara ta bushe, da nauyin tsaba da na tsaki kowanne dabam. Ka raba tsaba da nauyin farko. In ya fito kashi 62.5 cikin ɗari ko sama, amsarka ba ta wuce buhu 90 a wata ba, 120 in wata tara kake aiki, sai mu koma maganar casa wa mutane. In ya fito 60 ko ƙasa, aiko mini da lambobin tare da sunan kasuwar da kowane kaya ya fito, mu ga daga wane hannu ruwan ke shigowa. Ka gaida Kawu.